Haraji Mai Haihuwa

Rasiɗin jangali guda biyar, waɗanda Dabo ya soke a waya da hannunsa, su suka raba shi da shanu biyar ranar da ya sauka daga ma'ajin jam'iyyar gama-kai ta Illela. Duk rasiɗan in an haɗa, fam ɗaya ne da sule goma. Shanun kuwa su ne rabin guzurinsa na Makka.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan yaƙin Bama, lokacin da Turawa suka kawo wannan sabon abu na gama-kai. Mutum arba'in da biyar ne a jam'iyyar Illela, manoman gyaɗa da masu albasa da 'yan fataucin Ƙonni, sai Fulani uku. Kowa ya sayi hannun jari ɗaya, kowa yana zuba ajiya ranar kasuwa, wanda ya matsu a ba shi rance in ya kawo mutum biyu masu tsaya masa. Aka ba Dabo ma'aji don shi ne ya iya boko, ya koye shi a bakin sikelin gyaɗa na kanti, kuma don duk garin an san kwabo ba ya fita hannunsa sai ya yi gumi. Shekara shida akwatin ƙarfen yana ƙarƙashin gadonsa.

A shekara ta biyu wani Bafillace daga wajen Tozai, Jaɓɓo, ya ci rancen fam uku. Da lokacin biya ya yi, sai ga shi ƙofar gidan Dabo riƙe da igiya, karsana ja tana biye da shi.

"Ga bashinku, Kaɗo."

"Kuɗɗi munka ba ka, Jaɓɓo."

"Su na nan tsaye da ƙahwa huɗu. Ka sai da ta ran Lahadi."

Dabo ya duba karsana, ya ga ta isa fam uku. Ya yanke wa Jaɓɓo rasiɗi, ya rubuta a babban littafi an biya fam uku, da niyyar ranar kasuwa ya sayar ya zuba a akwati. Lahadi ta zo, kasuwar shanu ta faɗi, mahauta suka taya fam biyu da sule goma sha biyar. Dabo ya ce ko kusa. Ya mayar wa Jaɓɓo ita kiwo kafin kasuwa ta gyaru. Kafin kasuwa ta gyaru aka gane karsana da ciki ta zo. To wa zai sayar da mai ciki?

Daga nan al'amarin ya zauna haka. Littafi yana cewa fam uku suna akwati, fam uku kuwa suna daji suna cin ciyawa. Sau ɗaya a shekara sufeton gama-kai yake zuwa daga Sakkwato ya ƙidaya kuɗi. Da safen ranar Dabo ya sa fam uku na aljihunsa a akwati, a ƙidaya, lissafi ya yi daidai, sufeto ya hau mota, Dabo ya zare abinsa ya mayar cikin kasuwancinsa. Karsana ta zama saniya, ta haifi mace, ta ƙara, ta ƙara, 'yarta ta fari ita ma ta haihu. Dabo bai taɓa zama ya yanke wa kansa hukuncin ko na wane ne ba. Sai dai in Jaɓɓo ya zo da labarin haihuwa yakan ji su nasa ne, in ya zo da maganar kuɗin jangali sai ya tuna ashe na jam'iyya ne, ya buɗe akwati.

Bana ya yi niyyar hajji. Ya faɗa wa babban taro zai ajiye aiki, taro ya yarda, aka zaɓi Halliru mai fata ya gaje shi. Aka sa ranar Asabar ta miƙa kaya a gaban sufeto. Motar maniyyata za ta tashi saura kwana goma. Dabo ya gama lissafinsa tsaf. Asabar ya sa fam uku a akwati, wannan karon ya bar su can har abada, a sa hannu, Lahadi ya sayar da shanu. Har ya aika wa Jaɓɓo ya koro su gari.

Da safe yana ɗaure takardun fam uku a bakin riga matarsa Tasalla ta leƙo daga madafa.

"Yau ma baƙunci za su tahi?"

"Yau ba su dawowa."

"Ikon Allah. Kuɗɗin nan sun hi ni ganin gari. Malam, ni dai da ka hwaɗa ma shugaba Maccido tun da wuri."

"In hwaɗa mashi mi? Sata niy yi?"

"Ni ban ce ba."

"To ki kula da tukunyarki."

A zauren Maccido, shugaban jam'iyya, aka zauna. Maccido tsoho ne mai albasa, ba ya gaggawar magana, in ya yi kuma ba ya maimaitawa. Sufeto yana kan kujera ɗaya tilo da ke zauren, mutumin Lakwaja ne, da gajeren wando da jan alƙalami a aljihu. Hausarsa ta kasuwa tana fita, ajami ne dai ko alif bai sani ba. Membobi suka cika zaure har waje, kowa da ɗan katinsa na ajiya. Can bayan danga Jaɓɓo ya ɗaure shanu, ya shigo ya tsuguna bakin ƙofa da sandarsa a kafaɗa.

Aka fara da kati. Sufeto ya kira suna, mai suna ya miƙo kati, a gwada da shafinsa a littafin membobi, ajiya kaza, bashi kaza. Duk suka yi daidai, ban da na wani mai goro da ɗan akuya ya ci wa kusurwa, aka yi dariya aka wuce. Takardun rance goma sha ɗaya, kowace da dangwalen mai bashi da na masu tsaya masa. Littafin gidan waya na Sakkwato, inda ake kai rarar kuɗi, ya nuna fam tamanin cif. Sufeto ya ce za a rubuta wa gidan waya su cire hannun Dabo su sa na Halliru.

Sannan Dabo ya buɗe akwati ya juye a tabarma. Babban littafi ya ce fam arba'in da bakwai, sule goma sha biyu da sisi. Dabo ya ƙidaya, Halliru ya ƙidaya, sufeto ya ƙidaya. Sule-sule aka jera ashirin-ashirin, kwabbai da aninai a zare. Ko anini bai yi ciwon kai ba.

"Madalla da Alhajin gobe!" in ji wani daga waje.

Dabo ya gyara hula. Sufeto ya fito da takardar miƙa aiki, kofi uku, ya karanta abin da ke ciki, ya miƙa wa Halliru alƙalami.

Halliru bai karɓa ba. Mutum ne da ya saba juya fata ciki da baya kafin ya taya, don ya sha sayen mai huji.

"Sufeto, in na sa hannu nan, abin da duk ad daga baya, wuyan wa?"

"Wuyanka. Daga yau kai ne."

"To a ba ni wayar can."

Wayar ita ce ta rasiɗan kuɗin da aka kashe, shekara shida, an soke su ɗaya bisa ɗaya kamar tsire. Dabo ya ce, "Halliru, duk sufeto ya duba su. Ga jan alƙalami nai kan kowane."

"Na gani, Baba Dabo. Shi ya duba da idonai, ni ka ɗaukar kaya da kaina."

Ya zauna yana zarewa ɗaya ɗaya, yana gwadawa da littafi. Boko kaɗan ya iya, bin sa yake da yatsa, amma adadi ba ya kuɓuce masa. Kuɗin tawada. Kuɗin mota zuwa Sakkwato. Kwaɗon akwati. Rana ta ɗaga, mutane suka fara hamma, wani ya aika a sayo fura. Dabo yana zaune yana jan tasbaha, sai ya lura yatsan Halliru ya tsaya wuri ɗaya, ya buɗe shafi baya, ya sake buɗewa gaba.

"Baba Dabo, mi na na kuɗɗin En'e?"

"Kuɗɗin En'e mana. Abin da hukuma ka amsa."

"Shekara ta biyu sule biyu. Ta ukku sule huɗu. Sannan shidda, sannan takwas. Bana goma." Ya ɗago kai. "Wane irin haraji na wanga mai haihuwa?"

Zaure ya fashe da dariya. Dabo ma ya yi, ta fatar baki. A bayan danga saniya ta yi kuka, dogo, kamar an tambaye ta.

Halliru ya zaro rasiɗin bana. Akwai hatimin En'e a kai, da adadi, sauran kuwa malamin hakimi ya cika da ajami. Halliru ya yi allo shekara tara. Ya karanta da ƙarfi kamar mai biya hadda.

"Jangali. Shanu biyar. Na gama-kai, hannun Jaɓɓo."

Maccido ya cire goro daga baki.

"Muna da shanu?"

"Ga su can baya," in ji Jaɓɓo daga bakin ƙofa, cikin jin daɗi, don shi a ganinsa yabo ya zo. "Uwar, Wuleere, da ɗiyanta. Na kula da su awa nawa. Ko lokacin jangali, nawa nikan ƙetare da su ƙasar Faranshi su sha iska, amma na gama-kai nikan bar su nan, tun da na Nasara na, a rubuta su a biya."

Wani ya ce, "Jaɓɓo, sufeto hwa na nan."

"Shi ba na jangali ba na," in ji Jaɓɓo.

Ba yadda Dabo zai yi, ya ba da labari tun daga igiya. Ya ba da shi da kyau kuwa, don ya sha ba kansa shi. Ya ce jam'iyya fam uku take bi, fam uku kuma ga su a tabarma, kowa ya ga an ƙidaya. Wanda ya cike kuɗi shi ke da karsana. Kuɗin jangali kuskure ne, zai mayar yanzun nan, fam ɗaya da sule goma.

"Hwam ukkun, yaushe sunka shiga akwati?" in ji Halliru.

Dabo ya dubi rufin zaure.

"Baba Dabo?"

"Da sahe."

"Sahen wace shekara?"

"Kai Halliru, ka kiyaye ni. Na yi goyon ubanka a kasuwar Ƙonni."

"Allah shi jiƙan shi, shi ma da ya tambaya."

Sufeto ya miƙe, fuska a murtuke. Ya ce wannan babban laifi ne. Doka ba ta san saniya ba, kuɗi ta sani. Ma'aji ya rubuta ya karɓi abin da bai karɓa ba, ya kuma riƙa cika akwati ranar bincike yana rufe idon hukuma. Dole ya rubuta rahoto zuwa Sakkwato. Dabo ya hango inda abin zai kai. Rahoto in ya tafi Sakkwato sai ya biyo ta gaban hakimi, a gaban hakimin kuma takardarsa ta fasfo take jiran hannu. Ban da wannan ma, mutum ya yi shekara shida ana ce masa mai amana, ya ƙare a gaban alƙali kan karsana?

Maccido ya miƙa hannu, Halliru ya ba shi rasiɗan biyar. Ya jera su a tabarma, ya kare su da kyau.

"Sufeto, ni ban yi karatu ba. Wanga jan zane da ke kan kowane, na wa na?"

Sufeto ya duba. Ya sake dubawa.

"Nawa ne."

"Shekara biyat?"

"Na ga hatimin En'e, na ga adadi ya yi daidai da littafi."

"To. In za ka rubuta, ka rubuta duka, kada ka gaji a hanya."

Sufeto ya koma ya zauna. Ya ce ai dama doka ta ba kwamiti ikon gyara abin da bai kai asara ba, in dukiyar jam'iyya ta dawo hannunta. Saura a san mece ce dukiyar jam'iyya, fam uku ko shanu.

Nan zaure ya rabu. Masu albasa suka ce shanu. 'Yan fatauci, da yake sun san daɗin juya kuɗin wani, suka ce mutum ya yi dabara ya ci dabararsa, a bar shi. Wani ya ce a raba biyu. Wani ya ce a kai wa liman. Dabo ya fara jin ƙarfi, har ya ce da shi bai ƙi fam biyu da sha biyar ba a wancan Lahadin, da jam'iyya ta yi asarar sule biyar, wa ya gode masa?

Maccido ya juya wajen ƙofa.

"Jaɓɓo, tun da tana hannunka, ta taɓa ciwo?"

"Sau guda. Shekarar da ruwa ya yi gardama. Ta kwanta kwana huɗu, na ɗebe rai. Na zaka na hwaɗa ma Kaɗo."

"Mi yac ce?"

Jaɓɓo ya dubi Dabo, Dabo ya dubi tasbaha. Bafillace bai ga abin ɓoyewa ba.

"Ya ce in ta mutu in kawo mashi hwata da wutsiya, yadda akan yi ma mai dabba, shi kai gaban taro shi nuna musu naggensu ta mutu, a yahe hwam ukku."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, sai mai goron nan, shi ma ya mayar da ita tari.

Maccido ya ce, "Dabo, ba ni sa ka rantsuwa. Kai za ka ɗakin Allah, ni ba ni zuwa bana. Kai dai hwaɗi da bakinka, mu rubuta abin da kac ce. In ka ce taka ta, ka mai da jangali, ka kori shanunka, ba mai ƙara tada zancen. Da ta mutu, ta wa ta?"

Dabo ya lissafa shanu biyar a kasuwar gobe, ya lissafa kuɗin mota zuwa Yarwa, daga can zuwa ƙasar Sudan, da jirgin ruwa. Ba shanu, kuɗinsa a hanya za su ƙare. Ya kuma ga mutum arba'in da huɗu suna kallon bakinsa, waɗanda zai dawo ya tarar, da waɗanda za su riƙa ce masa Alhaji suna haɗa ido. Abin haushi, tsohon bai matsa masa ba. Da ya matsa, da ya sami abin yin faɗa da shi.

"Da ta mutu, ta jam'iyya ta," in ji Dabo.

"Da tar rayu hwa?"

"Kai Maccido, sai na hwaɗi sau biyu? Ku ɗauki tsiyarku."

"Allah shi yi ma albarka."

"Amin. Shi ma Halliru Allah shi haɗa shi da mai duba mashi waya."

Sufeto ya ƙara layi biyu a takardar miƙa aiki, duka kofi ukun. Shanu biyar, dukiyar jam'iyya, hannun Jaɓɓo, a sayar ranar kasuwa a zuba kuɗin a akwati da rasiɗi. Fam ukun Dabo su zauna a akwati jingina har a sayar. Nonon shekara biyar kuwa aka ce ladan kiwon Jaɓɓo ne, tun da dai ya riga ya sha. Dabo ya sa hannu, Halliru ya sa, Maccido ya dangwala, sufeto ya shaida. Dabo ya kwance makulli daga igiyar wuyansa, ya haɗa da hatimi da takardar rajista ya tura gaban Halliru. Halliru ya gwada makullin sau biyu kafin ya ce ya karɓa. Mutum biyu suka ɗauki akwati zuwa gidansa.

Da Dabo ya koma gida Tasalla ta dubi wuyansa ba igiya, ta dubi fuskarsa.

"Sun sauka lahiya?"

"Wa?"

"Baƙin."

"Kawo mini ruwa."

Washegari a kasuwar shanu kwamiti ya rasa wanda zai tsaya ciniki, don Halliru fata ya sani, ba mai rai ba. Maccido ya aika a kira Dabo. Ya zo yana ƙunƙuni, amma da ya ji wani mahaucin Amarawa ya taya uwar fam huɗu, sai jininsa ya hau. Ya buɗe bakinta ya nuna haƙora, ya zagi mahaucin, ya kori dillali, ya kira wani Ba'adare ya haɗa su takara. Bai bar wurin ba sai da shanu biyar suka tashi fam ashirin da ɗaya, abin da shi kansa bai sa rai ba lokacin da yake ganin nasa ne. Halliru ya ƙidaya, ya yanke rasiɗi, ya cire fam uku ya miƙa wa Dabo, ya ce ya sa hannu ya karɓa.

"Har da ni?"

"Har da kai, Baba Dabo. Kai kak koya mini."

Motar maniyyata ta tashi ranar da aka sa, Dabo yana cikin masu rakiya. Yaran kasuwa suka sauya masa suna daga Alhajin gobe zuwa Alhajin baɗi, baɗin ma ba ta yiwu ba, sai da ya ƙara shekara biyu yana tari, ya haɗa da sayar da kekensa.

Ƙarshen shekara, bayan bincike, aka zo rabon riba. Fam goma sha takwas ɗin shanu, aka ware kashi ɗaya cikin huɗu zuwa asusun ko-ta-kwana yadda doka ta ce, sauran aka raba wa mutum arba'in da biyar. Halliru ya kira suna, Dabo ya miƙa kati kamar kowa. Rabonsa daga shanu biyar, sule shida.